Tsamin jiki bayan gudu: an bar jaki ana dukan taiki

Idan ka taɓa zuwa kallon gasar wasannin makarantar 'ya'yanka, ka san abin da ke faruwa a tseren mita 400. Ana busa usur yaronka ya fita kamar an harba kibiya, ya ba kowa tazara, kana tsaye kana kiran sunansa. Yana shan kwana ta ƙarshe sai ka ga kamar an ɗaura masa buhun siminti. Kafaɗu sun ɗage, kai ya koma baya, ƙafafu sun daina ɗaguwa, wanda ke can baya ya zo ya wuce shi. Yana tsallake layi ya zube a ƙasa, malamin wasanni ya ruga ya zuba masa garin gulukos a tafin hannu. Bayan kwana biyu kuma yaron ya kasa tsugunawa, ya ce maka jikinsa ya yi tsami.

Tambayi duk wanda ya ɗan karanta kimiyya a sakandare, zai ce maka sinadarin laktik ne ya taru a tsokar yaron, shi ya tsayar da shi a fili, shi ne kuma ya sa masa ciwon jiki. Maganar ta dace da kunnen Bahaushe, domin mu ma tsami muke kiran wannan ciwo, sinadarin laktik kuwa shi ne ainihin abin da ke sa nono tsami. Sai dai binciken shekaru arba'in da suka wuce ya nuna an yi wa wannan sinadari ƙazafi. Gajiyar da ta kama yaronka a mita ɗari na ƙarshe daban, ciwon da ya zo bayan kwana biyu daban, garin gulukos ɗin nan kuma bai magance ko ɗaya daga cikinsu ba. Kafin ka gane dalili, sai ka san inda tsoka take samo ƙarfinta.

Abu ɗaya tak tsoka take karɓa

Tsokarka ba ta san tuwo ba, ba ta san shinkafa ba. Abin da take kashewa idan za ta motsa wani ƙaramin sinadari ne da ake kira ATP. Ɗauke shi kamar ƙaramin batiri. Yana da ɓangarori uku na fosfet a jikinsa, idan ɗaya ya ɓalle sai ƙarfi ya fito tsoka ta ja, batirin ya zama fanko har sai an mayar masa da abin da ya ɓalle.

Matsalar ita ce, ajiyar ATP a cikin tsoka kaɗan ce ƙwarai. Da a ce ba a sake cika shi, gudun iya ƙarfi na daƙiƙa biyu zuwa uku ya isa ya cinye shi. Saboda haka jiki ba ya tara shi, sake cika shi yake yi dare da rana, har an ƙiyasta cewa nauyin ATP da mutum ke juyawa a yini ɗaya ya kusa nauyin jikinsa. Hanyoyin cikawar uku ne, kuma bambancinsu a abu biyu yake: saurin da suke bayarwa da daɗewar da suke yi.

Ta farko wutar kara ce. A cikin tsoka akwai wani sinadari mai suna fosfokiretin, wanda ke riƙe da fosfet a shirye. Da zarar ATP ya zama fanko sai ya miƙa masa nasa, mataki ɗaya, babu jiran iska babu jiran abinci. Babu hanyar da ta kai ta sauri. Amma ajiyar ba ta wuce ninki uku zuwa huɗu na ATP ba, kuma a gudun iya ƙarfi mafi yawanta ya tafi cikin daƙiƙa goma.

Kana iya ganin iyakarta ko a jikin wanda ya fi kowa gudu. Ranar 16 ga Agusta 2009, a birnin Berlin, Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58. Da aka raba tseren gida-gida, an ga ya kai ƙololuwar gudunsa tsakanin mita 60 da 80, inda ya ci mita ashirin ɗin cikin daƙiƙa 1.61. Mita ashirin na ƙarshe ya ɗauke shi daƙiƙa 1.66. Wato har shi ma ya fara sassautawa kafin ya kai layi. Mai kallo yana ganin kamar yana ƙara wuta ne, alhali sauran ne suka fi shi saurin raguwa.

Hanya ta biyu ita ce fasa sukari ba tare da jiran iskar oksijin ba. Tsoka tana ajiye sukari a dunƙule, a siffar da ake kira gilaikojin. Idan buƙata ta taso sai ta warware shi, ta raba kowace ƙwayar sukari gida biyu, ta samu ATP biyu ko uku. Ribar kaɗan ce, amma ana yin ta da sauri sosai. Wannan hanya ce ke haifar da laktet, za mu dawo kanta.

Ta uku ita ce ƙona abinci da iskar oksijin a cikin wasu ƙananan ɗakuna na ƙwayar tsoka da ake kira mitokondiriya. A nan ƙwayar sukari ɗaya tana ba da ATP kusan talatin, kuma ita kaɗai ce hanyar da ke iya ƙona kitse. Garwashin gawayi ke nan, ba ya tashi fal-fal amma yana kwana da wuta. Rauninta jinkiri ne. Sai zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, jini ya kai iskar, abin da kan ɗauki minti biyu zuwa uku kafin ya daidaita, kuma ko ta kai iyakarta ba ta iya samar da ATP da saurin da gudun iya ƙarfi ke nema.

In kana son ganin bambancin da idonka, leƙa kicin ranar da aka yanka kaza. Naman ƙirjinta fari ne, domin tsokar fiffike ce da ba ta aiki sai na 'yan daƙiƙu idan an kore ta, tana dogara da hanyoyi biyu na farko. Cinyarta ta fi duhu, saboda yini take tana kiwo da ita, ta cika da jijiyoyin jini da mitokondiriya. Tattabara kuwa, mai dogon tashi, ƙirjinta ne ja. A jikin mutum nau'o'in biyu a cakuɗe suke cikin tsoka ɗaya, sai dai wani ya gaji mai saurin da yawa, wani mai juriyar.

Akwai kuskuren da littattafan makaranta kan jawo a nan. Sukan zana hanyoyin uku kamar giyar mota, a fita daga wannan a shiga waccan. Ba haka jiki yake yi ba. Tun daga daƙiƙar farko duka ukun suna aiki tare, abin da ke canzawa shi ne wacce ta fi ɗaukar nauyi. A tseren mita 400, kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarfin daga hanyar iska yake fitowa. A mita 800 ya haura rabi. A gudun fanfalaki kusan duka ne.

Daƙiƙa 43 a birnin Rio

Bari mu bi tsere ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ranar 14 ga Agusta 2016, a gasar Olamfik ta Rio de Janeiro, Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya yi mita 400 cikin daƙiƙa 43.03, ya karya tarihin 43.18 da Michael Johnson ya kafa tun 1999. A layi na takwas ya gudu, na can waje, inda ba ka ganin kowa a gabanka balle ka auna gudunka da nasa. Mai horar da shi a lokacin, Ans Botha, tsohuwa ce 'yar shekara 74, abin da ya ja hankalin jama'a kusan kamar tseren kansa.

Mita ɗari na farko ya ɗauke shi kimanin daƙiƙa 10.7, har da lokacin tashi daga tsugune. A nan fosfokiretin ne ke kan gaba, fasa sukari yana hawa da sauri a bayansa. Ɗari na biyu ya fi kowanne sauri, daƙiƙa 9.8. Zuwa yanzu ajiyar fosfokiretin ta ja baya sosai, nauyin ya koma kan fasa sukari, hanyar iska kuma tana ta ƙoƙarin kamo su. Ɗari na uku 10.5. Na ƙarshe kuwa daƙiƙa 12.

Dubi tazarar. Daga 9.8 zuwa 12, gudunsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan shi ne tseren mita 400 mafi sauri da aka taɓa gani zuwa ranar. Kirani James da LaShawn Merritt, waɗanda suka zo na biyu da na uku, sun fi shi raguwa, shi ya sa aka ga kamar yana tsere musu a ƙarshe. Abin da ya samu yaronka a kwana ta ƙarshe shi ne ya samu gwanin duniya, bambancin a yawa ne kawai.

To me ke faruwa a cikin cinya a wannan lokaci? Sukari bai ƙare ba, ko kusa. Gudun daƙiƙa arba'in ko sittin ba ya ƙarar da gilaikojin. ATP ma bai ƙare ba, domin tsoka ba ta yarda ya ƙare, takan rage aikinta tun kafin a kai can. Abin da ya faru shi ne ragowar aiki ta taru a wurin aikin.

Na farko shi ne fosfet. Duk ATP da fosfokiretin da aka fasa sun bar fosfet a sake cikin ƙwayar tsoka, yawansa ya ninka sau da dama. Wannan fosfet yana raunana zaruruwan da ke jan juna, yana kuma rage fitar sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ke ba tsoka umarnin ta ja. Ƙwaƙwalwa tana aiko da saƙo, amma amsar da tsoka ke bayarwa ta yi rauni. Masana da dama a yau suna ganin wannan yana cikin manyan dalilan gajiyar gajeren zango.

Na biyu sinadarin fotasiyam ne. Duk lokacin da saƙon lantarki ya ratsa tsoka, ɗan fotasiyam yana fita waje. Idan saƙonnin suka yi ta zuwa babu ƙaƙƙautawa sai ya taru a wajen, saƙo na gaba ya yi wahalar wucewa.

Na uku tsami ne na gaske. Ma'aunin tsami na cikin tsoka, wanda ake kira pH, yana kusa da 7 a lokacin hutu, yakan sauka zuwa wajen 6.5 bayan irin wannan gudu. Yana da hannu a raɗaɗin da kake ji da kuma rage ƙarfi, sai dai gwaje-gwajen da aka yi a ɗumin jikin mutum sun nuna tasirinsa shi kaɗai bai kai yadda aka daɗe ana zato ba. Ƙari a kan haka, jijiyoyin da ke cikin tsoka suna kai wa ƙwaƙwalwa rahoton duk wannan hali, ita kuma sai ta rage umarnin da take aikowa. Gajiyar ba a ƙafa kaɗai take ba.

Ina laktet a cikin wannan?

Yana nan, kuma da yawa. A lokacin hutu jininka na ɗauke da kimanin milimol ɗaya a kowace lita. Bayan tseren mita 400 na iya ƙarfi yakan kai 15 zuwa 20, wani lokaci ya wuce. Duk wanda ya auna jinin ɗan tsere a gajiye zai same shi a sama, shi ya sa zargin ya yi sauƙi.

Zargin tsoho ne. A 1780 wani masani ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fitar da sinadarin daga nono mai tsami. Ba a daɗe ba ɗan ƙasarsu Berzelius ya same shi a tsokar barewar da aka farauto a guje. A 1907 Fletcher da Hopkins na Jami'ar Cambridge suka yi gwaji da tsokar kwaɗo, suka ga idan an sa ta aiki babu iska sinadarin yana taruwa tana gajiya, idan aka ba ta iska ya ɓace. A. V. Hill da Otto Meyerhof suka ɗora a kai, har suka samu kyautar Nobel ta 1922. Aikinsu nagari ne, amma tsokar kwaɗo da aka yanke aka ajiye a faranti ba ta da jini mai zagayawa, ba ta da hanta, ba ta da zuciya. Babu inda sinadarin zai je, dole ya taru.

A jiki mai rai labarin ya sha bamban. Da farko, abin da ke cikin jininka laktet ne, wato gishirin sinadarin, ba ruwan tsamin kansa ba. Yadda yake samuwa kuwa shi ne, idan aka fasa sukari da sauri, gutsattsarin da ke fitowa sun fi abin da mitokondiriya za su iya karɓa a lokacin. Da za a bar su haka, aikin fasawar zai tsaya cik, domin akwai wani sinadari mai taimakawa da dole a sake 'yanto shi kafin a fasa ƙwayar sukari ta gaba. Mayar da gutsattsarin zuwa laktet shi ke 'yanto shi. Ashe laktet ne ke ba ɗan tsere damar ci gaba da gudu a ɗari na uku da na huɗu.

Daga nan ba ya zama a wuri ɗaya. Yana fita cikin jini, zuciya ta ɗauka ta ƙona, tsokoki masu juriya su ɗauka su ƙona, ƙwaƙwalwa ma tana amfani da shi. Wani kaso ya tafi hanta a sake mayar da shi sukari, zagayen da ke ɗauke da sunan Carl da Gerty Cori, mata da miji da suka samu Nobel a 1947. George Brooks na Jami'ar California da ke Berkeley ne ya fi kowa tsayawa kan wannan batu tun shekarun 1980, yana nuna cewa laktet makamashi ne da ake aikawa daga inda ya yi yawa zuwa inda ake buƙatarsa, kuma jiki yana yin sa ko kana zaune da isasshiyar iska. Wani nau'in ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti ma, da gangan aka sa laktet a cikinsa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga wata cuta da ba kasafai ake ganinta ba, wadda likita Brian McArdle ya bayyana a 1951 a Landan. Masu ita tsokarsu ba ta iya warware gilaikojin, saboda haka ko sun yi aikin ƙarfi laktet ba ya hawa a jininsu. Da laktet ne ke kawo gajiya, da su ne ba za su taɓa gajiya ba. Abin da ake gani akasin haka ne, 'yan mintoci kaɗan na aiki mai ƙarfi sun ishe su gajiya da ciwo da ɗaurewar tsoka.

Wannan ba ya nufin auna laktet ba shi da amfani. Masu horarwa suna auna shi don gano gudun da ɗan wasa zai iya riƙewa. Akwai wani mataki na gudu da jiki ke kwashe laktet daidai da yadda ake samar da shi. Ka wuce wannan mataki, sai ya fara hawa babu tsayawa, tare da sauran abubuwan da muka ambata, kuma mintocinka a ƙirge suke. Ba sai ka huda yatsa ba kafin ka san ka iso wurin. Idan kana gudu kana iya yin cikakkiyar jimla da abokin gudunka, kana ƙasa da shi. Idan ka koma kalma biyu ko uku sai ka ja numfashi, ka iso ko ka wuce. Horo na watanni yana ɗaga wannan mataki, domin tsoka tana ƙara yawan mitokondiriya da ƙananan jijiyoyin jini. A asibiti kuwa, idan laktet ya hau a jinin mara lafiyar da ke kwance bai yi gudu ba, wannan alama ce ta haɗari da likitoci ke ɗauka da gaske, amma wani babi ne daban.

Saura tsamin jikin bayan kwana biyu. Laktet yana komawa yadda yake cikin kamar awa ɗaya da gama gudu, ya fi sauri ma idan mutum ya ci gaba da tafiya a hankali maimakon kwanciya. Ciwon kuwa sai washegari yake farawa, ya yi tsanani tsakanin awa 24 da 72. Abin da ya bar jiki tun jiya ba shi ne ke ciwo jibi ba. Ciwon na fitowa ne daga 'yan ƙananan raunuka a zaruruwan tsoka da abin da ke kewaye da su, da kumburin da ke biyo baya lokacin gyara. Ya fi zuwa idan tsoka ta yi aikin birki, wato tana riƙe nauyi tana miƙewa. Gwada da kanka: hawa dutsen Dala zai sa ka haki, laktet ya hau, amma idan ka yi ta saukowa daga tudu da sauri, haki kaɗan ne, laktet kaɗan, ciwon cinya kuwa sai ka ji a jikinka jibi. Labari mai daɗi shi ne, idan ka maimaita aikin bayan mako ɗaya ko biyu, ciwon ba ya kai na farko. Yaron da bai yi atisaye ba sai ranar gasa shi ne ke kwana uku yana ɗingishi.

Gajiyar dogon zango wata ce daban

A gudun fanfalaki, mai tsawon kilomita 42.195, matsalar ta juye. A nan ba ragowar aiki ce ke taruwa ba, mai ne ke ƙarewa. Marigayi Kelvin Kiptum na Kenya ya gama shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023. Idan ka raba, kowace mita 400 ta ɗauke shi kimanin daƙiƙa 69, kuma ya maimaita hakan fiye da sau ɗari ba tsayawa. Irinsu suna gudu ne kaɗan ƙasa da matakin nan da laktet ke fara hawa, kuma a wannan gudu sukari jiki ya fi ƙonawa.

Ga lissafin. Tsokoki na iya ajiye gilaikojin giram 400 zuwa 500, hanta kuma kusan 100. Duka ya kama kalori dubu biyu ko ɗan fiye, kuma ba duka ne ke cikin ƙafafu ba. Gudu yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Mai kilo 60 zai buƙaci kimanin kalori 2,500 kafin ya gama. Kitse yana cike wani ɓangare, amma ga wanda ya fita da gudu fiye da ƙarfinsa kuma bai sha komai mai sukari a hanya ba, ajiyar kan yi ƙasa tsakanin kilomita 30 da 35. Ƙafafu su yi nauyi, in hanta ma ta ƙare sukarin jini ya faɗi, mutum ya fara jiri da ruɗewa.

Za ka ce ai yana da kitse. Yana da shi, ko siririn ɗan tsere yana ɗauke da kalori dubu arba'in ko fiye a kitsensa. Amma kitse a hankali yake ƙonewa, ba ya iya riƙe gudun da sukari ke riƙewa, sai mutum ya koma sassarfa ko tafiya. Dalilin ke nan da ya sa masu gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi suke cika ciki da abinci mai sitaci kwana ɗaya ko biyu kafin tsere, su kuma riƙa shan giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa suna cikin gudu. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana da kusan giram 25. Masu binciken Suwidin, Bergström da Hultman, su ne suka tabbatar da alaƙar gilaikojin da juriya a shekarun 1960, ta hanyar ciro ɗan guntun tsoka da allura suna aunawa.

To ka ga wurin da garin gulukos yake da aiki. Ga wanda ya yi dogon gudu ko ya buga ƙwallo minti casa'in, yana da amfani. Ga yaron da ya yi mita 400, ba zai cutar da shi ba, amma ba sukari ya rasa ba. Abin da yake buƙata lokaci ne da iska. A tashe shi ya riƙa takawa a hankali a inuwa, ya sha ruwa kaɗan-kaɗan. Fosfokiretin yana dawo da rabinsa cikin kamar rabin minti, mafi yawansa cikin minti uku zuwa biyar, sauran abubuwan sukan ɗauki fiye da haka. Malamin da ya sa yaro tseren ba-ni-in-ba-ka minti biyar bayan ya gama mita 400 bai yi masa adalci ba. Haka wanda ke son koya wa yara sauri amma yake sa su maimaita gajeren gudu babu hutu, juriyar wahala yake koya musu, saurin bai samu ba. Shi kuma yaronka, a gaya masa ya fita da ƙarfi na mita hamsin ko sittin, sannan ya sassauta kaɗan ya riƙe gudun ba tare da matsa jiki ba. Zai gaji a ƙarshe duk da haka, amma ba zai daskare ba.

Lokacin da ba gajiya ba ce

Gajiyar gudu tana sauka. Minti biyar zuwa goma, numfashi ya daidaita, yaro ya fara magana da dariya, ko da ya yi amai sau ɗaya, wanda ba baƙon abu ba ne bayan mita 400. Idan abin yana ƙaruwa maimakon raguwa, kada ka tsaya jiran gulukos ya yi aiki.

Wanda ya ruɗe, yana surutai ko tangaɗi, jikinsa ya yi zafi rau a ranar zafi irin ta Afrilu, zafi ne ya yi masa yawa, ko yana gumi ko ba ya yi. A kai shi inuwa, a cire masa kaya masu nauyi, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi tun a wurin, ana neman motar asibiti. Wanda ya faɗi kwatsam ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a ɗauka zuciya ce, a fara danna ƙirji nan take. Wanda kuma bayan kwana ɗaya ko biyu tsokarsa ta kumbura, ciwon ya wuce hankali, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, tsoka ce ta lalace har abin cikinta ya shiga jini, kuma yana iya taɓa ƙoda. Wannan na asibiti ne a ranar, ba na man zafi da tausa ba.

Akwai ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS. Mafi yawansu suna wasanni lafiya lau har su zama gwanaye, kuma babu dalilin hana su. Amma a gudun iya ƙarfi da aka maimaita babu hutu, musamman cikin zafi, ko da ƙishirwa, ko ana fama da zazzaɓi, ƙwayoyin jininsu na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyin tsoka. Yakan faru da wuri, a mintocin farko na atisaye. Mutum ya ji ƙafafu ko baya sun mutu, ya sulale ƙasa a hankali yana iya magana, tsokar kuma in ka taɓa ta da laushi, ba ta ɗaure tam ba irin ta wanda jijiya ta harɗe masa. Irin wannan a tsayar da shi nan take, kada a ce ragwanci ne a tilasta masa ƙarasawa, a sanyaya shi, in bai farfaɗo cikin 'yan mintoci ba a garzaya da shi asibiti. Idan ka san ɗanka AS ne, ka sanar da malamin wasanni tun kafin a fara atisayen gasa, ka kuma roƙe shi ya bar yaron ya huta duk lokacin da ya nema. Mai SS kuwa, likitansa ne zai faɗi irin wasan da ya dace da shi da kuma iyakarsa.